Manajan Darakta Mai Shago Ɗaya: Yadda Muke Kayar da Kanmu a Fom ɗin Biza

Wanda ya nemi bizar ziyara ta Birtaniya daga Najeriya, galibi ba zai taɓa ganin fuskar wanda ya yanke masa hukunci ba. Zai cike fom a intanet, ya biya kuɗi, ya tafi cibiyar karɓar takardu a Abuja ko Legas a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, sannan ya koma gida ya zauna jira. Ma'aikatan cibiyar ba su da ta cewa a kan a ba shi ko a hana shi. Mai yanke hukunci yana can wani wuri, ga fom a gabansa, ga takardun da aka haɗa da shi, ga kuma duk abin da na'urarsu ta taɓa ajiyewa a kan mai nema. Ba safai ake kiran mutum a ce ya yi ƙarin bayani ba, don haka babu damar cewa "ai ba haka nake nufi ba". Idan an hana, kuɗin ya tafi, kuma bizar ziyara ba ta da ƙofar ɗaukaka ƙara irin wadda mutane suke zato. Sai dai a sake nema, a sake biya.

Na fara da wannan ne saboda shi ne abin da yawancinmu ba mu riƙe ba. Muna ɗaukar fom tamkar takardar gabatar da kai, inda ake so mutum ya fito da girmansa. Jami'in kuwa yana karanta shi a matsayin shaida, yana gwada kowace amsa da wata takarda. Ra'ayina shi ne, a cikin mutanen kirki da ake hana wa biza, masu niyyar zuwa su dawo, da yawa ba talauci ne ya kayar da su ba. Labarinsu ne ya rabu biyu ko uku, fom ya faɗi ɗaya, banki ya faɗi wani, wasiƙar gayyata ta faɗi na uku. Ƙaramin matsayi da takardu suka gaskata ya fi babban matsayi da ba shi da madogara, kuma wannan ne abin da masu cike wa mutane fom a shagunan intanet suka fi ƙin ji.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mu kira shi Alhaji, yana da shago ɗaya na atamfa da shadda da yara biyu masu taya shi. 'Yarsa ta gama digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, za a yi bikin yaye su ranar 15 ga Yuli, yana so ya halarta. Mutum ne mai rufin asiri, ba shi da ko kusa da niyyar barin shagonsa da iyalinsa ya je ya zauna a ƙasar sanyi. Ya ba wani yaro mai kwamfuta fasfonsa da takardar bayanin asusunsa, ya ce, "Ka dai gyara mini shi yadda za su ba ni."

Kalmar "gyara" ɗin nan ce mafarin matsala. Fom ɗin Birtaniya yana tambayar halin aikin mutum, ya ba shi zaɓi: mai aikin albashi, mai sana'ar kansa, ɗalibi, mai ritaya, ko marar aiki. Na Alhaji a fili yake, shi ne wanda aka rubuta a allon da "Self-employed". Amma yaron ya ga cewa wannan bai yi nauyi ba, sai ya zaɓi mai aikin albashi, ya rubuta Manajan Darakta na wani kamfani mai sunan Alhaji, ya sa albashin naira miliyan biyu a wata. Daga wannan layi ɗaya, jami'i zai nemi abu uku: takardar rajistar kamfanin daga Hukumar CAC, wasiƙar aiki ko takardar biyan albashi, da kuma miliyan biyun nan tana shigowa asusu kowane wata daga sunan kamfanin. Ko ɗaya babu. Abin da ke cikin asusun shi ne abin da ke cikin asusun kowane ɗan Kwari: dubu tamanin daga wannan, dubu ɗari uku daga wancan, miliyan ɗaya ta shigo da safe ta fita da yamma zuwa wurin dila. Ciniki ne halal, amma bai yi kama da albashi ba ko kaɗan. Da an rubuta gaskiya, da wannan asusun ne zai zama hujjar Alhaji. Da aka rubuta Manajan Darakta, sai ya zama hujja a kansa.

Akwai wani kuskuren da ba na ƙarya ba ne, na rashin fahimta ne, kuma shi ya fi kama 'yan kasuwa. Fom yana tambayar abin da mutum yake samu bayan an cire haraji, sannan ya tambayi abin da yake kashewa a wata, sannan nawa yake shirin kashewa a tafiyar. Ɗan kasuwa kan rubuta kuɗin da ke ratsa hannunsa a matsayin abin da yake samu. Idan miliyan goma sha biyar ke shiga asusunsa a wata, ribarsa a ciki ƙila dubu ɗari bakwai ce, sauran kuɗin kaya ne. Dubu ɗari bakwan ita ce amsar, kuma sai a bayyana bambancin a wasiƙar da za a haɗa da fom: wannan asusun na ciniki ne, ga abin da ke shiga, ga abin da ke fita wurin sayen kaya, ga abin da ke saura. Lambobin nan uku kuma dole su zauna lafiya da juna. Wanda ya ce yana samun dubu ɗari bakwai, yana kashe dubu ɗari shida a gida, sannan zai kashe miliyan biyar a tafiyar mako biyu, ya bar wa jami'i tambayar da bai amsa ba: daga ina? Idan ajiya ce ta shekaru, asusu ya nuna ta tana taruwa. Idan fili aka sayar, a haɗa takardar cinikin. Abin da ba ya yiwuwa shi ne miliyan takwas ta faɗo asusu kwana biyar kafin a buga takardar banki, ba tare da bayanin inda ta fito ba. Jami'an biza sun san kuɗin aro da ake zubawa don a cika ido, sun fi mu ganinsa, kuma takardun hana biza cike suke da jimlar da ke cewa ba a gamsu kuɗin na mai nema ne ba.

Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba. Shi nasa kuskuren, ya rubuta cikakken albashin da ke takardar ɗaukar aiki, alhali abin da ke shiga asusu bayan an cire haraji da fansho da bashin ƙungiya ya gaza haka nesa ba kusa ba. Ko kuma yana da gona da gidan haya da suke kawo masa kuɗi, bai ambace su a gurbin da aka tanada don wasu hanyoyin samu ba, sai asusu ya nuna kuɗin da albashinsa ba zai iya bayyanawa ba. Uwargida kuma, wadda mijinta ke ɗauke da komai, ba abin kunya ba ne a rubuta ba ta aiki a nuna asusun maigida da shaidar aure. Mayar da ita 'yar kasuwa ta ƙasa da ƙasa a kan takarda shi ne ke jawo mata tambayar da ba ta da amsarta.

Mu koma kan Alhaji, mu zo gurbin tafiye-tafiyen baya. A nan ne ƙaramin sakaci yake zama babban laifi. Fom ɗin Birtaniya yana tambayar ƙasashen da mutum ya je cikin shekara goma da suka wuce. Yaron ya buɗe sabon fasfo, ya ga hatimin Saudiyya na Umara guda, ya rubuta shi kaɗai. Zuwan Alhaji Dubai da Guangzhou sayen kaya yana cikin tsohon fasfo, wanda ke cikin akwati a gida, ba wanda ya tambaya. Wannan asara ce tun kafin a zo maganar laifi, domin mutumin da ya sha fita ya dawo a kan lokaci yana da abin da ya fi wasiƙar kowa ƙarfi. Tafiyar maƙwabta ma tafiya ce. Wanda ke shiga Maraɗi ko Kwatano bai cika ɗaukar kansa matafiyi ba, amma fom bai ce ƙasashen da ake shiga da biza kaɗai ba. A rubuta su, da wata da shekara gwargwadon abin da hatimi ya nuna.

Sai tambayar da ta fi kowace haɗari a fom ɗin gaba ɗaya: shin an taɓa hana ka biza, ko an mayar da kai daga bakin iyaka, ko an kore ka, a Birtaniya ko a wata ƙasa dabam? A lura da abu biyu. Wannan ba ta da iyakar shekara goma, "taɓa" ta ce. Kuma ba Birtaniya kaɗai take nufi ba. A ce shekarun baya Alhaji ya taɓa neman bizar Amurka, aka yi masa tambayoyi na minti biyu a ofishin jakadanci, aka miƙo masa takarda aka ce bai cancanta ba a wannan karon. Shi a ransa abin ya wuce, ba a buga komai a fasfonsa ba, ya ma canza fasfon. Yaron bai tambaye shi ba, ya danna a'a, domin a shagunan nan an ɗauka cewa "e" tana kashe fom.

Ba ta kashewa. Hana biza a baya ba laifi ba ne, dubban mutane an hana su sun sake nema an ba su. Ɓoye shi ne laifi. Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostareliya da New Zealand suna musayar bayanan shige da fice a tsakaninsu, kuma da zanen yatsu ake gane mutum, ba da lambar fasfo ba. Ƙasashen Schengen su ma suna da rumbun bayanai guda da ke riƙe da neman biza da sakamakonsa har shekara biyar, ta yadda wanda Faransa ta hana ba zai je wa Italiya a matsayin sabuwar fuska ba. Idan jami'in Birtaniya ya gamsu cewa da gangan aka ɓoye, hukuncin yaudara ne, kuma yana iya rufe wa mutum ƙofa har shekara goma. A dokar Amurka, ƙarya da gangan a kan abin da ke da tasiri wajen ba da biza tana iya hana mutum shiga har abada. Uzurin "ba ni na cike ba" kuwa ba ya da nauyin da muke zato, domin a ƙarshen fom akwai ikirarin cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne a iya sanin mai nema, kuma da sunansa aka amince. Yaron shago ya karɓi ladansa ya ci gaba da harkarsa. Alhaji ne zai rasa bikin 'yarsa, ya rasa na jikokinsa.

Amsar da ta dace gajeriya ce: e, Amurka, shekara kaza, bizar ziyara, an ce ban nuna isasshiyar alaƙa da gida ba. Idan an manta ainihin ranar, a faɗi shekarar a ce ƙiyasi ne. Jami'i ya fi yarda da wanda ya kawo maganar da kansa.

Gurbin mai ɗaukar nauyi shi ne inda al'adarmu take karo da tsarin fom, kuma a nan ina tausaya wa mutanenmu. Mu a wurinmu ɗawainiyar tafiya ba ta da mai ita guda. Ƙane zai sayi tikiti, aboki zai ba da masauki, suruki zai ƙara guzuri, kowa ya sa albarka. Fom kuwa yana so a ce wane ne zai biya, nawa zai biya, me ya sa zai biya. Ƙa'idar Birtaniya ta yarda wani ya ɗauki nauyin baƙo, amma da sharaɗi: akwai alaƙa ta gaskiya tsakaninsu, idan mai ɗaukar nauyin yana can to zamansa bisa doka ne, kuma yana da halin yin abin da ya ce zai yi. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan takarda yake buƙata.

A fom ɗin Alhaji, yaron ya rubuta cewa ba wanda zai biya masa komai, ya sa adireshin wani otal da aka kama ba a biya ba. Wasiƙar gayyata kuma, wadda wani ɗan'uwa da ke zaune a can ya aiko, ta ce Alhaji zai sauka a gidansa, shi zai ɗauki ci da sha. Ga labari biyu ke nan a kan inda mutum zai kwana. Wasiƙar ta kira Alhaji yayansa, amma sunayen iyaye da fom ya nema ba su haɗu da nasa ba, domin ɗan ƙanen mahaifinsa ne. A gida ba wanda zai ce ya yi ƙarya, tare suka tashi, yaya yake kiransa tun yana yaro. A takarda kuwa sai a faɗi alaƙar yadda take: ɗan baffana ne, a gida ɗaya muka girma. Sannan fom ya tambayi dangin da ke Birtaniya, aka rubuta 'yar aka bar shi, alhali ga wasiƙarsa a cikin takardun. Shi ma mai gayyatar bai haɗa shaidar izinin zamansa ba, bai haɗa takardar hayar gidan da za ta nuna akwai wurin saukar baƙo ba, bai haɗa ta banki ba.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba: mai ɗaukar nauyi, komai arzikinsa, kuɗin tafiya kawai yake amsawa. Ba ya amsa tambayar ko baƙon zai koma gida. Wannan sai halin mai nema, shagonsa, iyalinsa, aikinsa. Shi ya sa masu neman wani "babban mutum" ya rubuta musu wasiƙa, wanda ba su da wata alaƙa da shi da za a iya nunawa, suke ƙara wa kansu nauyi ba tare da sun sani ba. Jami'i zai tambayi kansa me ya sa baƙo zai kashe wa baƙo miliyoyi, kuma amsar da zai ba kansa ba mai daɗi ba ce.

Kwanan wata ba ya buƙatar dogon bayani, ido kawai yake buƙata. Fom ɗin Alhaji ya ce zai isa 10 ga Yuli ya bar ƙasar 24 ga wata. Wasiƙar gayyata ta ce wata guda. Tikitin da aka kama ya nuna dawowa 9 ga Agusta. Takardar jami'a ta ce biki kwana ɗaya ne. Kowace takarda mutum dabam ne ya shirya ta a rana dabam, ba wanda ya jera su ya duba. Ga ma'aikaci, takardar hutu ce ke tona asiri: ofis ya ba da mako biyu, fom ya ce mako shida. Haka ranar fara aiki, fom ya ce 2016, wasiƙar ofis ta ce 2018, saboda ɗaya ta ƙirga daga ɗaukar wucin gadi ɗaya daga tabbatarwa. Sai ranar haihuwa, wadda ta zama ciwon ƙasa: ta fasfo dabam, ta NIN dabam, ta banki dabam, ta takardar makaranta dabam. Ta fasfo ita ce ta fom, kuma idan wata takarda da za a haɗa ta saɓa mata, a gyara ta tukuna ko a bayyana dalili. Mai sake nema ya tuna cewa tsohon fom ɗinsa yana nan a ajiye. Idan bara ya ce 'ya'yansa huɗu, bana ya ce shida ba tare da an yi haihuwa ba, ko ranar aurensa ta matsa da shekara biyu, za a gani. Akwai kuma wanda aka taɓa ba biza ya ce mako uku zai yi, ya zauna wata biyar. Bai karya doka ba tunda bai wuce wata shida ba, amma ya koya wa jami'i cewa kwanakin da yake rubutawa ba abin dogaro ba ne, kuma za a tuna masa a nema na gaba.

Ba na cewa tsarin adali ne. An tsara fom ɗin ne da tunanin mutumin da ke da albashi ɗaya, asusu ɗaya, takardar haihuwa tun ranar da aka haife shi. Ɗan kasuwar Dawanau da ke juya buhunan riɗi na miliyoyi da amana da kuɗi a hannu, wanda dukiyarsa shanu ce da gonaki, ba shi da gurbi mai kyau a ciki. Ana karɓar kuɗi mai yawa, ana hanawa da jimloli da aka saba maimaitawa, wani lokaci jami'in ma shi ne ya karanta takarda ba daidai ba, kuma ba inda za a kai kuka cikin sauƙi. Duk wannan gaskiya ne. Amma rashin adalcin tsarin ba ya gyaruwa da ƙara masa ƙarya, sai dai ya ba shi hujjar da da bai samu ba. Wanda aka hana don ba a gamsu da kuɗinsa ba zai iya dawowa bayan wata shida da takardu masu kyau. Wanda aka kama da yaudara ba shi da wannan damar.

Ba kuma na cewa kowa ya cike fom da kansa. Dattijo da bai saba da Turanci ko kwamfuta ba dole ya nemi taimako, kuma a cikin masu wannan sana'a akwai masu tsoron Allah da suka san aikinsu. Ana gane su da tambaya. Wanda ya ce a kawo tsohon fasfo, ya tambayi ko an taɓa hana ka a ko'ina, ya zauna da takardar banki yana cewa "Alhaji, wannan kuɗin na mene ne?", shi ne mai aiki. Wanda ya ce "bar mini kawai", ko ya yi alkawarin biza tabbas, ko ya ce zai samo wasiƙar aiki ko ya zuba kuɗi a asusu, a karɓe fasfo daga hannunsa tun da wuri. Kowane ne ya cike, kada a tura sai an karanta wa mai nema kowace amsa da Hausa ya ce e haka ne, domin da zarar an tura fom ɗin Birtaniya an biya, ba a komawa a canza amsa. Idan an gano kuskure bayan nan, hanyar da ta rage ita ce a rubuta wasiƙar gyara a haɗa da takardu kafin ranar ɗaukar zanen yatsu, ko a janye a sake sabo. A kuma yi amfani da imel ɗin mai nema, ba na shago ba, a ajiye kwafin fom ɗin da aka tura, saboda shi za a buɗe a gefe duk ranar da za a cike na gaba.

Da a ce haka aka yi wa Alhaji, fom ɗinsa zai ce: mai sana'ar kansa, yana sayar da yadi a Kantin Kwari, ribarsa kusan dubu ɗari bakwai a wata, ga asusun ciniki na wata shida da rasitan kaya da takardar hayar shago. Ya je Saudiyya da Dubai da Sin, ga tsohon fasfo. Amurka ta taɓa hana shi, ga shekarar. Zai sayi tikiti daga ajiyarsa, zai sauka gidan ɗan baffansa, ga wasiƙa da shaidar zamansa da ta gidan. Zai isa 10 ga Yuli ya tashi 24, kuma haka wasiƙar ta ce, haka tikitin ya ce. Ana iya hana shi duk da haka, domin jami'i na iya ganin miliyan biyar ɗin tafiya ta yi wa mai ribar dubu ɗari bakwai yawa. Idan hakan ta faru, takardar hanawar za ta faɗi abu ɗaya da ya rage a ƙarfafa, kuma ƙofar sake nema tana buɗe tun daga washegari.